Maganin Kwana Goma

Maganar daga bakin famfo ta taso, kamar yadda kowace magana ke tasowa a Garin Jika. Wai sabuwar majo, wato ma'aikaciyar jinya da aka turo ta riƙe asibitin garin, ba ta ba yaro kafso in maƙogwaronsa na ciwo. Ruwan gishiri take cewa a kurkura, a sha farasetamol, a koma gida. Kafson kuwa, in ji masu magana, tana ajiye wa 'ya'yan manya, abin da ya saura ta sayar wa masu tallar magani ran kasuwar Cadawa. Babu wanda ya gan ta da idonsa, kowa dai ya san wani da ya gani.

Madam Batulu ta ji maganar tana sheƙar aya a ƙofar ɗakinta. Ta daɗe da ajiye alli, amma shekarun da ta yi tana direktiris a lakol, wato shugabar makaranta, sun bar mata hali guda: in an ce mata «kowa ya sani», sai ta tambayi sunan mutum ɗaya daga cikin kowa ɗin. Ta tambayi Delu, matar ɗanta, wadda ta kawo labarin, Delu ta ce ai a bakin maigidanta ta ji. Maigidan nata shi ne Yahuza, autan Batulu, dillalin aya, kuma shugaban komiten da ke kula da asibitin. Da Batulu ta tare shi da tambayar, ya ce shi dai koke-koke ake kawo masa, kuma majon da ya gabata ba ya barin kowa ya fita hannu sake. Batulu ta ce ta tuna da shi sarai, wanda ko ƙaya ka taka sai ya rubuta maka magani kala huɗu.

Ba a yi sati ba sai ga dama ta zo har gida. Jikokinta biyu suka tashi da ciwon maƙogwaro kusan tare. Ɗaya Habibu, babban ɗan Yahuza, saurayi mai shekara sha shida da ke shirin jarrabawar fita kolej. Ɗaya Asta, mai shekara sha huɗu, ɗiyar marigayiya Bilkisu, babbar 'yar Batulu. Tun rasuwar uwar yarinyar take hannun kawunta Yahuza, amma a ɗakin kakarta take kwana. Habibu ya cika gida da tari da kaki, kowa ya san ba shi da lafiya. Asta kuwa sai da Batulu ta ga ta ture kwanon koko, tana haɗiyar yawu tana runtse ido, sannan ta taɓa goshinta ta ji kamar tukunyar da aka sauke yanzu.

Batulu ta ce a ranta, yau za a gani. Ga ɗan shugaban komite, ga marainiya. In majo mai son kai ce, ba sai an yi mata tambaya ba.

Ta sa su gaba. Habibu yana tafe yana tsokanarta da muryarsa da ta dishe, wai matarsa ta tsufa har ba ta iya dafa masa shayin citta sai ta kai shi wajen wata. Ta ce masa mijin da majina ke zuba har gemu, ko kyauta aka ba ta sai ta yi shawara. Asta kuwa magana ma ciwo take mata.

Majo Lauratu 'yar Gazawa ce, siririya, ba ta da yawan fara'a, kuma wannan ma yana cikin laifinta a gari. Ta fara da Habibu. Ta gwada zafin jikinsa, ta sa ya buɗe baki ta danne harshen da ɗan katako ta haska, ta shafa gefen wuyansa, ta tambaye shi tun yaushe yake tari. Ta yi wa Asta haka nan, sai dai ta fi daɗewa a kanta. Da ta taɓa ƙarƙashin muƙamuƙinta yarinyar ta zabura. Ta sa ta buɗe baki iyakar iyawarta, ta tambaya ko tana iya haɗiye ruwa, ko numfashi na yi mata wuya. Sannan ta ce Asta za ta sha amoksisilin, Habibu kuwa farasetamol da ruwan ɗumi da gishiri sun ishe shi.

Batulu ta gyara zama. Ta ce a yi mata bayani, don ita ba ta karɓar amsa sai ta ga yadda aka yi lissafin.

Lauratu ta miƙa mata fitilar ta ce ta duba da kanta. Batulu ta sa tabarau ta leƙa. Maƙogwaron Habibu ja ne kawai. Na Asta kuwa ƙululu biyun da ke gefe sun kumbura sun yi jawur, da ɗigon farar mugunya a kansu. Lauratu ta kama yatsunta ta ɗora a wuyan yarinyar, ta ji kaluluwa kamar ƙwayar gyaɗa. Ta ce yawancin ciwon maƙogwaro ɗan'uwan mura ne, yana zuwa da tari da majina da dishewar murya, kuma irin ƙwayar da ke kawo shi kafso ba ya taɓa ta, da kansa yake wucewa cikin sati guda ko kusa da haka. In an sha, ba abin da za a samu sai gudawa ko ƙuraje, a kuma koya wa ƙwayoyin cuta jure maganin. Amma zazzaɓi mai zafi, da mugunya, da kaluluwa mai ciwo, babu tari babu majina, wannan ya fi kama da wata ƙwayar daban, wadda in ba a kashe ta ba takan koma ta taɓa gaɓoɓi da zuciya bayan maƙogwaron ya warke.

Batulu ta tambaya ko ta tabbata. Lauratu ta ce a'a. Akwai gwajin da ake yi, amma ba su da shi a nan, da alamomi take aiki, kuma alamomi sukan yi kuskure jefi-jefi. Shi ya sa in Habibu ya ƙara tsanani, ko ɗayansu ya kasa haɗiye yawu, ko baki ya ƙi buɗuwa, ko wuya ya kumbura, ko aka ga wata fata-fata ruwan toka ta rufe maƙogwaro, a dawo da gudu, don mashaƙo bai daɗe da ratsa ƙasar ba. Wannan «a'a» ita ta sayi Batulu. A saninta maƙaryaci ba ya cewa bai tabbata ba.

Akwai allura guda da ke maye gurbin kafson, in ji Lauratu, amma ta ƙare musu. Ta ƙirga maganin ta sa a leda, ta dubi Batulu ido cikin ido.

«Madam, kwana goma cur. Jibi za ta ce miki ta warke. Kada ki yarda da ita.»

Batulu ta koma gida da ƙarfinta. Ta faɗa wa Delu, ta faɗa wa matan maƙwabta, cewa ta je ta gani: an hana ɗan shugaban komite, an ba marainiya, sai a nemo wata maganar. Yahuza ya saurara yana murmushi. Ya ce to madalla, sai dai yaro da jarrabawa a gabansa ai da an taimaka masa. Ta ce taimakon ke nan aka yi masa.

Washegari da hantsi waya ta zo daga Gidan Rumji: mijin ƙanwarta ya rasu. Ba tafiyar da za a ɗaga ba ce. Batulu ta tsaya da ledar maganin a hannu tana tunanin wa za ta ba. Delu ba ta yi lakol ba, kuma Batulu ta san a wurinta magani kamar gishiri ne, in maƙwabciya ta roƙa sai a ɗiba mata. Don haka ta kira Yahuza, wanda ita da kanta ta koya wa karatu a kan cinyarta, wanda ke zama a taron asibiti yana sa hannu. Ta maimaita masa abin da majo ta ce, har da maganar zuciya. Ya karɓa da hannu biyu ya ce, «Inna, ki tafi hankali kwance. Asta ai ɗiyata ce.»

Zaman makoki ya ja. Bayan sadakar bakwai ƙanwar tata ta kwanta ciwo, Batulu ta zauna jinya. Duk sanda ta kira gida Yahuza ke ɗauka, ya ce yara sun warke garau, magani ya ƙare lafiya. In ta ce a ba ta Asta, sai a ce ta tafi famfo, ko tana lakol. Sau ɗaya da aka ba ta, yarinyar ta gaishe ta da «ina wuni» kamar baƙuwa, ta ce lafiya lau, ta miƙa wayar.

Sai da Batulu ta kusa wata sannan ta dawo. Habibu ne ya taro ta a bakin hanya ya ɗauki jakarta, muryarsa ta dawo har ta yi yawa. Asta tana kwance a ɗaki. Delu ta ce sanyin ƙashi ne, shekaranjiya gwiwar dama ce ta kumbura, jiya ta sauka ta koma idon sawu, yau kuma wuyan hannu, an shafa mata man zafi. Batulu ta taɓa gaɓar ta ji ta da zafi, yarinyar ta janye ba ta dube ta ba. Ta lura kuma ko tashi zaune ta yi sai ta yi haki.

Yahuza da kansa ya nemo mota aka kai ta wajen majo. Lauratu ta duba gaɓoɓin, ta daɗe da abin sauraro a ƙirjin yarinyar, fuskarta ta canja. Ta tambayi Asta ko ta sha maganin nan har ya ƙare. Asta ta dubi kawunta, ta dubi kakarta, ta sunkuyar da kai ta ce ta sha. Lauratu ta sake tambaya, Yahuza ya amsa mata, ya ce da hannunsa ya riƙa ba ta. Lauratu ba ta ƙara ba, ta rubuta takarda ta ce a wuce babban asibitin Agye yau ɗin nan.

Likitan can ya tabbatar da abin da ake tsoro. Zazzaɓin gaɓoɓi ne da ke biyo bayan irin wancan ciwon maƙogwaro, kuma ya ɗan taɓa ƙofar zuciya. Gaɓoɓin za su warke ba tabo. Zuciyar ce abin lura: za a riƙa yi mata allurar fenisilin duk wata, shekaru masu yawa, don in ƙwayar ta sake kama ta ɓarnar za ta ƙaru. Batulu ta tambaye shi ko hakan na faruwa ga wanda ya sha magani daidai. Ya ce yakan faru, amma da wuya ƙwarai.

Kafin su dawo gida tsohuwar magana ta yi sabon kaya. Yanzu cewa ake majo ta sayar da maganin kirki, ta ba marainiya na jabu, ga shi ta lalata mata zuciya. Yahuza ya kira taron komite ran Alhamis, a rubuta wa manya a Agye a ɗauke ta. Ya roƙi uwarsa ta zo ta yi magana, tunda ita ce ta yabe ta a gaban mutane, bakinta zai fi nauyi.

Batulu ta amsa za ta zo. Abin ya ci ta ƙwarai. Ita da ke alfahari ba a ruɗinta, yarinya ƙarama ta miƙa mata fitila ta saye ta da «ban tabbata ba». Ta riƙa juya abin tana neman inda lissafin ya karkace. In maganin jabu ne, me ya sa aka ce zazzaɓin ya sauka tun kwana na biyu? Sai ta tuna zazzaɓin kan sauka ko ba magani, ta rasa madafa. Abin da ya fi damunta ma Asta ce. Yarinyar da a da sai an ce ta yi shiru a yi barci, yanzu in Batulu ta kawo mata fura sai ta ce ta gode, ta juya fuska bango. Batulu ta ɗauka ciwo ne.

Ran Laraba da la'asar tana zaune tana gyaran zogale, Habibu ya zo ya tsuguna yana satar ƙuli-ƙulin da za ta daka. Ta buge hannunsa. Ya ce haba, matar da ta aiko masa da magani tun daga Gidan Rumji ce za ta hana shi ƙuli? Ai ya san tana sonsa, ɓoyewa take. Sai dai, in ji shi, wani karon ta aiko da mai daɗi, don wancan kafson ya sa shi zaryar bayan gida har abokansa suna masa waƙa.

Batulu ta ci gaba da tsinke ganyen, ba ta ɗaga kai ba.

«Wane kafso, maigida?»

«Na Asta mana. Da Baba ya ce kin kira kin ce tunda ta warke a ba ni sauran, saboda jarrabawa. Kuma wallahi ya yi aiki, kwana kaɗan na miƙe.»

«Kwana nawa ta sha kafin a ba ka?»

Ya ɗan yi tunani. Ya ce ranar da aka karɓo, da ranar da ta tafi. Washegari Asta ta ci tuwo, shi ke nan aka juyo da shi wajensa. Sai a lokacin ya lura da hannun kakarsa ya tsaya, dariyar ta bar fuskarsa, ya tambaya ko ba ita ta ce ba. Ta ce ya tashi ya ba ta wuri.

Ta shiga ɗaki. Asta na kwance tana kallon rufi. Batulu ta zauna bakin gadon, ta tambaye ta abin da kawunta ya gaya mata. Yarinyar ta ce, a hankali, Kawu ya ce Kaka ta ce Habibu namiji ne, ga jarrabawa, ita kuwa ta samu sauƙi. Ya ce kuma in majo ta tambaya ta ce ta shanye, kada a kunyata Kaka.

«Kuma kin yarda ni na faɗi haka?»

«Kawu ne ya ce, Kaka. Kuma shi ɗanki ne.»

Wata guda yarinyar nan tana kwana da wannan a ciki, tana kare mutuncin tsohuwar da ta ɗauka ta sayar da ita. Batulu ta kama hannunta, wanda bai kumbura ba, ta ce ba ta faɗa ba, ko a mafarki. Asta ba ta janye hannun ba, amma ba ta juyo ba.

Ta sami Yahuza a zaure yana auna aya da yaransa. Ta ce su ba su wuri. Bai yi musu ba da ta faɗa masa, wannan ma ya ƙara mata ciwo. Ya ce yarinya ta warke, tana ci tana sha, ga magani a ajiye, ga yaro yana tari kamar zai mutu, wane uba ne zai zuba ido? Kowane gida haka ake yi. Ya sa sunanta ne kawai don ya san Asta da taurin kai, ba za ta saki ledar ba sai an ce Kaka. Kuma likita da bakinsa ya ce yakan faru ko an sha daidai, to wa ya san gaskiya in ba Allah ba?

Ta ce wannan ɗin ba ta sani ba, kuma ba za ta ce ta sani ba. Amma ya san maganin ba jabu ba ne, tunda ɗansa ya ba.

Ya rage murya. Ya ce majo baƙuwa ce, in an ɗauke ta wani garin za a kai ta, albashinta ba zai tsaya ba. Shi kuwa a nan aka haife shi, a nan zai aurar da 'ya'yansa. In maganar nan ta fita, a ce ya cire magani daga bakin ɗiyar yayarsa marigayiya, da wane ido zai shiga masallaci? Ya ce, «Inna, ba sai kin yi ƙarya ba. Ki yi zamanki gida gobe, shi ke nan.»

Ta dube shi. Goshin ubansa, da tabon da ya samu ranar da ya faɗo daga bishiyar mangwaro ta goya shi har asibiti da gudu. Ta tuna allurar wata-wata, da cewa hannun da zai riƙa yi wa Asta ita shi ne ake shirin kora. Ta juya ta koma ciki.

Ran Alhamis aka shimfiɗa tabarmi ƙarƙashin dalbejiyar asibiti. Wakilin maigari ya zo, da liman, da 'yan komite, mata suka tsaya daga baya. Lauratu na zaune kan benci ita kaɗai, hannuwanta a cinya. Yahuza ya buɗe taro, ya yi bayani mai tsawo a kan amana da lafiyar talakawa. Yana cikin magana ya hango uwarsa tafe da sandarta. Wakilin maigari ya sa aka kawo mata kujera, ya ce ga Madam, ita ce mai jika, a ji daga bakinta.

Ba ta zauna ba. Ta jira har surutun baya ya kwanta, kamar yadda take yi a aji.

«Majo ta ba Asta maganin kwana goma, ta ce a sha duka. Ta ce Habibu mura ce, ba ya bukata. Na ba ɗana Yahuza maganin ya riƙe. Asta ta sha na kwana biyu. Sauran ya ba Habibu, ya ce ni na ce. Ban ce ba.»